Sakamakon gwajin iskar jini ya sa ni cikin ruɗani: in rage oksijin ko in bar shi?

Sabon likita: Assalamu alaikum. An kawo mana dattijuwa mai shekara 68 wadda ta daɗe da cutar toshewar hanyoyin iska, bayan shekaru tana girki da itace. An sa mata oksijin lita 10 a minti, yanzu kuma barci yake rinjayarta. Jinin jijiyar bugu ya nuna pH, wato ma'aunin tsamin jini, 7.28; PaCO2, wato iskar carbon dioxide da ke cikin jini, 68 mmHg; PaO2, wato oksijin da ke cikin jini, 95 mmHg; HCO3, wato sinadarin da ke rage tsamin jini, 31. Ina tsoron in rage oksijin ta shiɗe.

Ma'aikacin ɗakin gaggawa: Tunda PaO2 ya haura 60, ai babu gazawar numfashi. Ka bar ta ta huta.

Likitar ƙirji: Malam, wannan ma'aunin na nau'i na ɗaya ne, inda oksijin yake ƙasa da 60 amma PaCO2 bai hau ba, kamar yadda ake gani a namoniya. Ita nau'i na biyu gare ta, domin PaCO2 ya zarce 45, kuma takunkumin oksijin ne ya ba ta 95 ɗin nan. Hauhawar HCO3 tana nuna cewa ƙoda ta daɗe tana cike giɓin, amma faɗuwar pH ƙasa da 7.35 shaida ce cewa sabon tsanani ya hau kan tsohon ciwo. Ƙanena, ka rage oksijin da takunkumin Venturi na kashi 28, ka nemi awon oksijin na yatsa tsakanin 88 da 92, kada ka cire shi gaba ɗaya. Ka ba ta magungunan buɗe hanyar iska, ka maimaita gwajin cikin awa ɗaya. Idan pH bai gyaru ba, sai injin taimakon numfashi.

Nas mai aikin dare: Ni ƙanwata na rasa. Asma ce ta tashi mata, aka ga PaCO2 42, aka ce mana lafiya lau, alhali mai haki irin nata ya kamata a ga nasa ƙasa. Gajiya ce ta kama ta, kafin asuba ta cika.

Ma'aikacin ɗakin gaggawa: Allah Ya jiƙanta. Amma shekara ashirin ina wannan aiki, idona ya fi takardar inji.

Likitar ƙirji: Ido ba ya ganin PaCO2, Malam, awon yatsa ma ba ya nuna shi.

Mai ɗakin gwaji: Injinmu dai ya fi dattijuwar barci, wata biyu ke nan babu katirij. A waje, kuɗin gwaji ɗaya ya kai na cika tukunyar oksijin.

Nas mai aikin dare: A wurinmu bai kai rabin haka ba, sai dai jinin yakan daɗe a hanya, wani lokaci da kumfar iska a sirinji, wadda take rage PaCO2 ta ɓoye matsalar.

Sabon likita: Na rage, awon yatsa 90 ne, ta fara amsa kira. 'Ya'yanta sun ce ba su da kuɗin gwaji na biyu.