Oga ya dawo min da rahoto, wai ban faɗi tushen matsala ba

Sabon-shiga: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Sabarmu ta tsaya awa 3 ran Talata, a sashen tushen matsala na rubuta "diski ya cika, mun goge fayiloli, sabar ta dawo aiki", oga yace wannan labari ne ba dalili ba, in je in yi me-ya-sa sau biyar. Ya ake yi?

Ɗan Fagge: Ƙane kawai ka ce a ƙaro diski, magana ta ƙare.

Tsohon Injiniya: In an ƙaro ma cika zai yi, kwana kawai aka ƙara masa. Ɗan uwa inda ka tsaya nan ne me-ya-sa na farko. Sai ka tambaya me ya cika diskin, kar ka yi zato, ka duba:

```
df -h
du -sh /var/log/*
```

Mu ce ka tarar fayil ɗin log guda ɗaya ya kai 40GB. Me ya sa ya kumbura haka? `logrotate` mai rage tsofaffin log bai taɓa shi ba. Me ya sa? da kuka koma sabuwar saba an canza inda manhajar ke zuba log amma abin da ke cikin `/etc/logrotate.d` yana nan yana nuna tsohon wuri, to me ya sa ba a gyara ba, saboda takardar matakan ƙaura babu layin da ya ce a duba. Nan ne tushen, don nan ne in an gyara ba zai dawo ba. Misali ne fa, naka zai iya bambanta. Kowace amsa ka manna mata shaida, ko hoton allo ko lokacin da abin ya faru. In ka gama ka karanta daga ƙasa zuwa sama kana sa "shi ya sa" a tsakani, duk inda bai zauna a kunne ba ka tsallake mataki.

Hajiyar Odit: Gaskiya ne, amma dole su cika biyar cif, haka Toyota suka tsara tun zamanin injiniyansu Taiichi Ohno.

Tsohon Injiniya: Hajiya daga Toyota ya fito kam, amma biyar ɗin ba farilla ba ce, wani a uku yake ƙarewa wani sai bakwai.

Mai Janareto: Mu namu a ta uku aka tsaya, aka rubuta "wane ya manta bai duba mai ba", aka ba shi takardar gargaɗi, bayan wata biyu injin ya sake mutuwa a hannun wani daban. In amsarka ta faɗo kan sunan mutum ka sake tambaya, me ya sa mantuwar mutum ɗaya ta isa ta kashe komai.

Sabon-shiga: Na gode manya. Na duba, log ne kuwa. Amma kuma babu ƙararrawar da ta yi ƙara da diskin ya kai 80%, in haɗa su a layi ɗaya?

Tsohon Injiniya: Raba su biyu, me ya jawo daban, me ya hana a gani da wuri daban.

Hajiyar Odit: A ofis ɗinmu dai tushe ɗaya ake karɓa, sauran a sa su ƙarƙashin abubuwan da suka taimaka. Tambayi oganka wanne yake so.