Birik na keke da gudu: waɗanda suka taɓa yi ku zo ku faɗa mana yadda ƙafa take yi

Sabon Shiga:
Salam jama'a. Na yi rajistar tirayatlon ɗina na farko, sifirint, iyo mita 750 keke kilomita 20 gudu kilomita 5, saura kamar wata biyu. Iyo dai ina lallaɓawa, keke ba laifi, gudu kuwa in na fito da sabuwar ƙafa kilomita 5 ina yinta a minti 30 ba tare da na galabaita ba. Toh sai aka ce min in fara birik, in sauka daga keke in zarce gudu ba hutu. Na yi kilomita 20 a minti 42, na ajiye keke na fita, wallahi ƙafafun nan kamar an ara min na wani, cinya ta yi nauyi ƙugu ya ƙi miƙewa, amma abin mamaki agogo ya nuna kilomitar farko na yi ta a 5:30, ta biyu 6:20, ta uku 7:00 daga nan sai tafiya da ƙafa ina haki. Dan Allah haka yake ga kowa ko ni ne jikina bai kai ba?

Maman Biyu:
Ƙanina haka yake ga kowa, kar ka ɗaga hankalinka. Ni ranar farko da na sauka ji na yi ƙasa ta yi nisa, ina taka ta amma ban san na taka ba, sai da na kalli ƙafar na tabbatar tana motsi. A wurina nauyin nan yana ɗaukar kamar minti biyar zuwa takwas sannan ya sake ni, kuma har yau bai daina zuwa ba, kawai dai yanzu na san shi, in ya zo sai in rage faɗin taku in bar shi ya wuce.

Ɗan Gudu:
Maganin abin ɗaya ne malam, ka riƙa yin cikakken 20 da 5 ɗin duk ƙarshen mako da ƙarfin ranar gasa, kuma ka sa giya mai nauyi cinya ta yi ƙwari. Jiki sabo yake so, in ya sha wuya sau da yawa zai miƙa wuya.

Tsohon Hannu:
Ɗan Gudu batun sabo gaskiyarka ne, amma sauran biyun ban yarda ba, giya mai nauyin nan ma ina zargin ita ce rabin matsalar yaron nan.

Sabon Shiga duba lambobinka da kyau. Kai mai minti 6 ne a kilomita in kana da sabuwar ƙafa, amma bayan ka tuƙa minti 42 sai ka buɗe da 5:30, ka fi gudunka na ranar da ka huta sauri da rabin minti kenan. Ba da gangan ka yi ba na sani. Ka ɗauki kusan minti arba'in kana tafiya sama da kilomita 28 a awa, iska na dukan fuskarka, ido ya saba da abubuwa na wucewa da sauri, da ka sauka sai duk wani gudu ya zama kamar rarrafe a wurinka, ga ƙafa ta yi nauyi tana ƙara gaya maka wai ba ka tafiya, sai ka ƙara wuta. Kilomitar farko ƙarya take yi wa mutum, shi ya sa a nan agogo ake bi ba abin da jiki yake faɗa ba.

Nauyin kansa kuma ba rashin ƙarfi bane. A kan keke kana duƙe, ƙugu a naɗe, gaban cinya ne ke yawancin aikin, ƙafa na zagaye ba ta ɗauke da nauyin jikinka. Cikin minti ɗaya sai ka ce mata ta miƙe ta ɗauki jikinka duka ta riƙa dukan ƙasa, bayan cinya da sha raɓa su karɓi aiki, ai dole ta ɗan rikice kafin ta gane tsarin ya canza.

Tambayata, in kana tuƙi fedarka sau nawa take zagayawa a minti?

Sabon Shiga:
Yaya ban da na'urar da ke nuna wannan. Amma gaskiya na fi son giya mai nauyi, ina danna ta a hankali keken na tafiya sosai.

Tsohon Hannu:
Ba sai da na'ura ba. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ke hawowa cikin sakan 15 ka ninka sau huɗu. In ka samu 16 kana wajen 64 kenan, in ka samu 22 kana 88. Yawancin masu wannan harka tsakanin 85 da 95 suke nema, saboda in kana danna giya mai nauyi a sittin da wani abu, kowane zagaye cinya na matsa ƙarfi mai yawa, tsokar da za ka yi gudu da ita ce kake cinyewa tun a kan sirdi. Giya mai sauƙi da saurin juyi ta fi sa ka haki kaɗan amma tana bar maka ƙafa.

Ga lissafin da nake so ka gwada. Yanzu keke 42 ne, gudun da ya ƙare da tafiya in ka lallaɓa ka cika biyar ɗin zai kai ka wajen 36, jimla 78. Ka sassauta keken ya koma 45, minti uku ka bayar, ka buɗe gudu da 6:30 ko da ranka na cewa ka yi sanyi da yawa, in ƙafa ta dawo a kilomita ta biyu ka sauko 6:20, za ka iya gamawa a wajen 32, jimla 77, kuma a guje za ka shiga layin ƙarshe. Alamar da za ka gane keken ya yi yawa ita ce wannan, in bayan minti goma da fara gudu ƙafar ba ta saki ba sai ma ƙara mutuwa take, to ba canjin bane, a kan keke ka kashe ta.

A kilomita ɗaya ko biyu na ƙarshe ka rage giya ɗaya, ka juya feda da sauri, ka ɗan miƙe tsaye a kan feda na 'yan sakanni ƙugu ya buɗe.

'Yar Ruwa:
Ni ma ina yin birik fa, da asuba nake keke minti 40 sannan da yamma bayan na tashi aiki in yi gudu kilomita 4, kuma ban taɓa jin wannan nauyin da kuke faɗa ba, ƙila jikin kowa daban ne.

Maman Biyu:
'Yar'uwa ai wannan atisaye biyu ne a rana ɗaya, yana da kyau amma ba shi ake nufi ba, kin ba ƙafa awanni ta manta da keke. Ki gwada ki ajiye kambas ɗinki a bakin ƙofa, kina sauka ki saka ki fita kafin minti biyu ko uku su cika, sai ki dawo ki ba mu labari hhh.

Mai Baƙin Keke:
Ni abin da ya yi min aiki gajeru ne da maimaici. Minti 10 keke minti 5 gudu, in koma keke in sake, sau uku. Cikin minti 45 na ɗanɗana saukar nan sau uku maimakon sau ɗaya, kuma washegari ina iya tafiya kamar mutum. A jim ma ana yi, keken tsaye da injin gudu suna kusa da juna, sai dai injin shi ke riƙe maka sauri, ba zai koya maka kame kanka a kilomitar farko ba.

Kuma ku riƙa gwada canjin kansa daga keke zuwa gudu, wurin da za ku ga an rubuta T2 ranar gasa. Akwai layin da dole ka sauka daga keke kafin ka tsallaka shi, daga nan turawa za ka yi da ƙafa har ma'ajiyarsa, kuma hular kwano ba a kwance maɗaurinta sai ka rataye keken, ana hukunta mutum a kan wannan. Na ga wani bawan Allah ya rataye keke ya sa takalmi ya fita gudu da hularsa a kai sai da masu kula suka yi ta kiransa. Ni tawul nake shimfiɗawa, takalmi a buɗe harshensa a ja baya, igiyar roba maimakon ta ɗauri, saboda yatsu ba sa jin magana in kana haki, ga kai na juyawa in ka daɗe a sunkuye.

Ɗan Gudu:
Toh amma fa in bai taɓa yin cikakken 20 da 5 ba ya za a yi ya san zai iya? Ni wannan gajeru gajerun ban yarda da su ba.

Tsohon Hannu:
Ya yi sau ɗaya ko biyu ba laifi, don zuciya ta kwanta, ban hana ba. Duk mako da ƙarfin gasa ne nake cewa a'a, gudu a kan gajiyayyar ƙafa taku na lalacewa, nan ƙwauri da agara ke fara ciwo, kuma sai ya ci maka atisayen kwana biyu na gaba. Sau ɗaya a mako ya isa. Makonnin farko keke minti 30 gudu minti 10, tsakiya keke 45 gudu 15, can gaba kilomita 20 da ƙarfin da zai yi ranar sannan kilomita 3. Babba na ƙarshe ya zama saura kwana 7 zuwa 10, bayan nan sai ɗan gajere don tunawa da ƙafa. Nauyi a cinya biyu da ke raguwa yana gudu ba komai bane, amma zafi mai suka a wuri ɗaya, gwiwa ko ƙwauri, wanda ke ƙaruwa da kowane taku, wannan ya tsaya.

Maman Biyu:
Ku ƙara da batun ruwa. Ni in na kwankwaɗi gora gab da sauka sai suka ta kama ni a kwiɓi, cikin yana ta kaɗawa. Yanzu kurɓa kaɗan kaɗan nake yi tun farkon keke, minti biyar zuwa goma na ƙarshe kuma in bari.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Na gwada jiya, na ƙirga juyin feda da tsohuwar giyata 17 na samu, na rage biyu ya koma 21 zuwa 22. Keke 45, gudu na buɗe da 6:30 da ƙyar na riƙe kaina, ji nake kamar sassarfa kawai nake, ta biyu 6:20 ta uku 6:15 kuma ban tsaya ba. Nauyin ya zo amma wajen minti shida ya tafi. Sai dai sha raɓar dama ta so ta ɗaure a farko. Sannan ni da kambas nake tuƙi a feda ta yau da kullum, in sayi takalmin keken nan mai maƙalewa a jikin feda ko in bari?

Mai Baƙin Keke:
Ka bari, a kilomita 20 abin da zai ƙara maka kaɗan ne, kai kuma ba ka da canjin takalmi, kana rataye keke ka cire hula ka wuce.

Ɗan Gudu:
Ni dai na ce ya saya, ƙafa ba ta zamewa in feda ta jiƙe bayan iyo, kuma a hawan tudu akwai bambanci.

Tsohon Hannu:
Wannan ku biyun ku ƙarata, na ga masu kambas sun wuce masu maƙalewa na kuma ga akasin haka, in zai saya dai ya saya yanzu ya koyi cire ƙafa, ba makon gasa ba. Batun sha raɓar ne ya fi damuna. Ka duba ko sirdinka ya yi tsawo har kana miƙa yatsu ƙasa a ƙarshen kowane zagaye, ka zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In sai ka karkata kake kaiwa, sauke shi kamar rabin santimita ka sake gwadawa mako mai zuwa ka faɗa mana ko ta sake ɗaurewa.