Janareta 3.5 kVA ko 5 kVA: wanne zai ɗauki shagona?

Mai Lemo Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon lemo da ruwan leda a Mabera, cikin Sakkwato. Firiza uku, kowace an rubuta wat 200 a bayanta, firij mai gilashi wat 350, fanka biyu da ƙwayayen fitila kusan wat 250. Jimla 1,200. Ina so in ƙara na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi kafin zafin Afrilu, an ce tana jan kamar 1,200 ita ma. Mai sayar da janareta ya ce 3.5 kVA wat 3,500 ke nan, har da rara. Ƙanena ya ce ƙarya ne, in sayi 5 kVA. Wa ke da gaskiya?

Abban Ikram: Sa sola ka huta.

Mai Lemo Mabera: Abban Ikram, kuɗin batiri kai za ka ba ni?

Malamin Lantarki: Wa alaikumus salam. Ƙanenka ya fi kusa da gaskiya, Alhaji. Ka duba farantin da aka liƙa a jikin injin, ba rubutun da ke kan tanki ba. Akwai wurin da aka sa PF ko cos φ, shi ne fawa fakto, lambar da ke nuna kason kVA ɗin da zai zama wat. Lissafin:

```
kW = kVA × PF
3.5 × 0.8 = 2.8 kW
5 × 0.8 = 4 kW
```

In 0.8 ka gani, 3.5 ɗin nan wat 2,800 ne. Kayanka da na'urar sanyi 2,400, saura 400 kacal, kuma ba a so inji ya wuni yana aiki sama da kashi 80 na ƙarfinsa, wato 2,240. Ka riga ka wuce tun kafin kwamfireso ya tashi. A kan 5 kVA kuwa kashi 60 kake.

Baushe Makanike: Malam, wanga lissahi na manyan injina na, masu dizal, layi ukku. Ƙanana masu hetur da muka kwancewa kullum, galibi 1.0 aka rubutawa. Ke nan 3.5 ɗin 3.5 ne.

Malamin Lantarki: Ban musa ba, shi ya sa na ce ya karanta farantin. Amma ka lura, in faranti ya ce 1.0, to lambar da ke gefensa sau da yawa ba ita ce ta kan tanki ba. Tanki ya ce 3.5, faranti ya ce `Rated 2.8 kW`, `Max 3.0 kW`. Ta farkon ita ce ta aikin wuni, ta biyun ta ɗan lokaci ce. An dawo dai gida.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Hmm. Ni dai duk wanda ya ce faranti, sai in ce Allah Ya kyauta. Bara gab da azumi na sayi wanda aka rubuta 7.5 kVA ɓaro-ɓaro, tanki da faranti duka, don firiza shida na ƙanƙara. Adashena na ɗauka na haɗa da kuɗin ragon da na sayar. Tun ranar farko in firiza ta huɗu ta tashi sai fitila ta yi ja, injin ya yi ta nishi. Na koma, mutumin ya ce mai ne ba kyau. Na canza gidan mai. Ya ce wayar gidana ce. Na canza waya. Ana cikin goman tsakiya na ji ƙauri, koyil ya ƙone, kwamfireso biyu suka bi shi. Masu ɗaukar ƙanƙara sun ba ni kuɗi tun safe, da la'asar ruwa na tarar a leda. Da aka kwance, wayar ciki fara ce aka shafa mata launin jan ƙarfe. Har yau maganarmu tana wajen shugaban 'yan kasuwarsu, kullum a ce in dawo jibi.

Ummu Hanan: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Hajiya.

Baushe Makanike: Hajiya, da kin zo da ni da ba a yi haka ba. Ɗaga shi kawai nika yi. Mai jan ƙarhe na gaske nauyinai daban.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Ai da makanike na je, Baushe. Shi ma ɗagawar ya yi. Ashe da kasonsa a ciki.

Ɗan Arkilla: Baushe, an ci ku ɗaya da nema.

Malamin Lantarki: Hajiya, ko da injin na gaskiya ne akwai abin dubawa. Kwamfireson firiza yana jan ninki uku zuwa biyar na abincinsa a daƙiƙar da zai tashi. In shida suka tashi tare wuta ta faɗi, wanda ya kasa juyawa sai ya tsaya yana jan wuta yana zafi, haka yake ƙonewa. Sannan firiza nata fawa fakton bai kai 0.8 ba, yakan tsaya wajen 0.6 zuwa 0.7. Firiza mai wat 200 a 0.65 tana ɗora wa koyil kamar VA 300. Inji shi ke ɗaukar wat, koyil shi ke ɗaukar amfiya, kowane da iyakarsa. Alhaji mai tambaya, raba 3,500 da bolt 230, amfiya 15 ke nan. Na 5 kVA kusan 22. Kar ka biya sai an jona masa kaya an maƙala mita a waya, a ga bolt nawa ya rage. In ya gangaro ƙasa da 200 tun bai kai amfiyarsa ba, ka bar musu kayansu.

Mai Lemo Mabera: To nawa 5 kVA ɗin yake yanzu? Ni an ce mini dubu 850.

Ɗan Arkilla: An so a yanke ka. Dubu 520 abokina ya saya a Babbar Kasuwa.

Abban Ikram: Yaushe? Ko tokumbo ba ka samu haka. Ni miliyan ɗaya da ɗoriya aka ce mini a titin Ahmadu Bello.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Na dubu 520 ɗin ƙanen nawa ne, ku gaishe shi.

Baushe Makanike: Ni dai shekaruna ga wanga aiki sun hi na wasu ga duniya. Alƙalami ba ya tada inji. Malam ya taɓa naɗa koyil da hannunai? Kuma bai hwaɗi zancen zahi ba. Injin da ad ɗaukar kaya cikin hunturu, watan huɗu sai shi kasa.

Malamin Lantarki: Ban taɓa naɗawa ba, Baushe, kuma zancen zafin gaskiyarka ne. Ƙarfin inji a ma'aunin zafi 25 ake auna shi, mu kuwa mukan haura 40, iska ta rage nauyi, ƙura ta toshe matata. Duk wannan ƙarin dalili ne na barin 3.5.

Ummu Hanan: Ni tambayata daban. In dutsen guga ne kawai da hita, da aka ce nasu fawa fakton 1.0 ne, 5 kVA zai ba ni wat 5,000?

Malamin Lantarki: A'a, Malama. In an gina shi a 0.8, injin da ke juya shi na wat 4,000 ne. Koyil zai iya, inji zai durƙusa.

Tela Runjin Sambo: Dutsen guga kuka ce? Alhaji, ka lissafa da maƙwabta. Ranar da na kawo nawa, mai shagon gefe ya ce don Allah ƙwai ɗaya zai jona. Bayan sati sai inji ya riƙa shaƙewa da hantsi. Na leƙa, dutsen guga na wat 2,000 ne a kan benci, yaronsa na goge shadda. Kuɗin mai kuwa ko sisi.

Ɗan Arkilla: Wannan fawa fakton maƙwabci ne, Malam bai koyar da shi ba.

Abban Ikram: Sa masa bireka mai amfiya 2, in ya jona guga ta faɗi da kanta, ba kai ka yanke ba.

Tela Runjin Sambo: Na sa. Ya kai ƙarata wajen mai gidan hayar wai na hana shi wuta, alhali surukina ne ma.

Mai Lemo Mabera: Jama'a, ni fa gobe zan koma. Malam, in na fasa na'urar sanyin, 3.5 ɗin zai yi?

Baushe Makanike: Zai yi, in ka tada su ɗai-ɗai. Amma wa ka hwasawa cikin watan huɗu?

Hajiya Mai Ƙanƙara: Tela, surukin naka ta wane ɓangare?