Abin da aka tattauna kan rubutun ƙarƙashin hoton sallah

Ga taƙaitawar shawarwarin da jama'a suka bayar:

1. Kusan kowa ya yarda kada rubutun ya maimaita abin da ido ya riga ya gani. Misali, idan hoton Hawan Daushe a Kano ya nuna dawakai da ƙura, sai a rubuta abin da hoto ba ya ɗauka, kamar ƙarar bindigogi ko yaron da ya hau katanga don ya hango Sarki.

2. A fara da jimla gajera, domin Instagram yana yanke rubutu bayan layi biyu ya sa "more". Barka da sallah ta zo daga baya.

3. Kan barkwanci ra'ayi ya rabu. Wasu na son "Naman layya ya fi ƙarfin wandona", wasu sun ce idan da iyaye ko surukai a hoton, a bar wasa. Ni ina tare da na biyun.

4. An yi gargaɗi kan ambaton unguwa ko sunan yara, musamman lokacin da gida yake babu kowa an tafi yawon sallah.

Batun hashtag bai samu matsaya ba.