Masa ta ja mutane, wane bidiyo zan sa a allon ƙarshe?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bidiyona na masa shi ke riƙe da tashata, kallo dubu 30 cikin kwana 28. A allon ƙarshe na sa bidiyo biyu, miyar taushe da sinasir. An nuna kowanne sau 4,200, taushe an danna 210, sinasir 126. Amma katin sinasir da na sa a minti na uku yana nuna min kashi 40. Guda ɗaya nake so ya rage a allon. Lissafin wanne zan bi?

Sadiq Gyaran Waya: Wa alaikumussalam. Hajiya ki sa Best for viewer, YouTube ya zaɓi bidiyon da kansa, ki huta, YouTube ya fi mu sanin mai kallo. Ni haka nake yi.

Malam Nura: Maman Hanifa, kashi 40 ɗin nan kar ya ruɗe ki. Kati hawa biyu ne. Da farko ɗan rubutu ke leƙowa a saman dama, sai wanda ya taɓa shi ne katin ke buɗe masa. Clicks per card shown yana lissafa waɗanda katin ya riga ya buɗe musu ne kawai. In mutum 50 suka buɗe, 20 suka danna, ga kashi 40 nan, alhali mutum ashirin ne. Ki shiga Advanced mode a kwamfuta ki duba Card teasers shown da Card clicks. A allon ƙarshe kuwa gwajin daidai ne, mutane ɗaya suka ga biyun: taushe kashi 5, sinasir kashi 3. Kuma ba abin mamaki ba ne, wanda ya gama koyon masa miya yake nema, ba wani abincin shinkafar ba.

Maman Hanifa: Na duba Malam. Danna 31 ne kacal. Ashe!

Ummu Khalil: Ni kati ya gama da ni wallahi. Na ba wani yaro dubu 15 kan kowane bidiyo ya gyara min, ya cika min kati biyar biyar, na farko tun ana yanka albasa. Bidiyon alkubus ɗina da ake kallo har ƙarshe, sai na ga layin masu kallo yana faɗawa rami daidai inda katin yake. Da hannuna na nuna wa mutane ƙofa. Wata biyu ina kuka da YouTube, ina cewa an danne ni. Da na yi wa yaron magana ya ce girkina ne ba ya jan hankali, ya toshe lambata. Bidiyo takwas na bi ɗaya bayan ɗaya ina cirewa, da tsakar dare, ga goyo.

Sadiq Gyaran Waya: Dubu 15? An cuce ki Anti. A nan Farm Centre dubu 3 yara ke yi.

Bash Edita: Dubu 3 ko datar ɗora bidiyon ba ta saya ba. Ni ƙasa da 10 ba na taɓawa. Kuma Sadiq, mai mabiya ɗari huɗu ba shi zai koya wa mai kallo dubu 30 aiki ba.

Sadiq Gyaran Waya: To ai kai ko tashar ba ka da ita.

Ɗan Zinder: Ku bar faɗa, a turo mana masar mu ɗanɗana sai mu yanke hukunci.

Malam Nura: Sadiq bai yi kuskure duka ba, zaɓin Best for viewer yana yi wa wanda bidiyonsa ba su da alaƙa da juna. Amma ita za ta iya cewa da bakinta "ga miyar da ake ci da ita nan", kuma hakan sai in ta san wane bidiyo ne zai fito. Abin da ya fi damuna daban ne: cikin dubu 30, 4,200 kawai suka ga allon. Yana fitowa ne a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe, in kin tsaya dogon godiya da sallama kafin nan, sun watse. Sannan kafin ki cire sinasir, ki buɗe kowanne ki duba waɗanda suka shigo ta End screens, wato allon ƙarshe, minti nawa suka zauna. Ana iya danna taushe da yawa a fice da wuri.

Maman Hanifa: Sallamata kam ta kai minti ɗaya, har da gaida ƙawaye. Ina zan ga mintocin nan?

Ummu Khalil: Ai ko kin gyara, masu sauke bidiyon su watsa a WhatsApp fa? Jiya a gurup ɗin danginmu aka turo min alkubus ɗina, an yanke sunana, hannuna yana nuna allon da babu shi.

Bash Edita: Ki riƙa sa tambari a tsakiya. Dubu 2 nake yi.

Ummu Khalil: A tsakiyar tukunya? Su kuma masu kallo su ga me?