Takardar gargaɗi ga ma'aikaciya mai makara: gyara ce ko tozarci?

Hajiya mai gidan abinci, Samaru: Assalamu alaikum. Ina da yarinya mai taya girki, shekararta ɗaya da wata huɗu a wurina. Ƙarfe 7:00 ya kamata ta iso, amma a watan nan sau biyar tana makara. Na yi mata magana da baki har na gaji. Na ce zan rubuta mata takardar gargaɗi, sai yayana ya ce takarda ba ta irinmu ba ce, tozarci ne kawai, in riƙa cire mata naira dubu ɗaya duk ranar da ta makara, za ta shiga hankalinta. Wanne ne daidai?

Mai shayin Kwangila: Wa alaikumus salam. Hajiya, yayanki ya faɗa miki gaskiya. Gidan abinci ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Yarinyar da kuke ci a kwano ɗaya, kina zuwa sunan gidansu, ki miƙa mata takarda kamar sammaci? Ranar za ta daina kallonki a matsayin uwa. Ni yarana uku, wanda ya makara na rage masa kuɗin ranar, washegari shi ke riga ni zuwa hura wuta. Ciwon aljihu ya fi takarda shiga jiki.

Tsohon akawu, Tudun Wada: Malam mai shayi, na yarda da rabin maganarka, wato zumuncin da ke tsakaninsu abin kiyayewa ne. Amma ka juya abin. Takardar ce ke kan hanya, cire kuɗin ne ke da matsala. Na yi shekaru ina riƙe fayil ɗin ma'aikata, har da na ɗakin girki. Dokar Ƙwadago ta 1974, sashe na 5, ta hana mai aiki ya ci tarar ma'aikaci daga albashinsa. Abin da ta bari shi ne a cire kuɗi daidai misali idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Hajiya, nawa kike biyanta, kuma awa nawa take yi?

Hajiya mai gidan abinci, Samaru: Dubu 39 a wata, Baba. Kwana shida a mako, daga 7:00 zuwa 5:00 na yamma. Wani lokaci takan tsaya har a rufe.

Tsohon akawu, Tudun Wada: To mu yi lissafi. Kwana 26 a wata, kuɗin yini ya kama naira 1,500, awa ɗaya naira 150. Yarinya ta makara da minti 50, asarar lokacinki ba ta kai 150 ba, ki cire 1,000? Kin ɗauke kashi biyu cikin uku na guminta na yinin, alhali ta tsaya gaban murhu awa tara. Ko babu doka, wannan haƙƙi ne. Kuma na ga inda yake kaiwa: wanda aka yanka wa albashi yakan ɗauka ya biya kuɗin makararsa, ba sauran laifi a kansa, wani kuma ya rama a tukunyar nama.

Ɗalibar Kongo: Baba ya yi daidai. In ƙara, doka ta ce sai an ba ma'aikaci gargaɗi sau uku a rubuce kafin a sallame shi. Saboda haka Hajiya ba ta da zaɓi, dole ta rubuta.

Tsohon akawu, Tudun Wada: 'Yata, koma ki duba. Babu gargaɗi uku a Dokar Ƙwadago. Tsari ne da kamfanoni ke sawa a littafin ƙa'idojinsu, idan sun sa kuwa ya hau kansu. Abin da ke cikin dokar, a sashe na 11, wa'adin sallama ne: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Yarinyar Hajiya tana rukunin mako ɗaya, a rubuce, ko a biya ta kuɗin makon. Inda kike da gaskiya shi ne, Kotun Ma'aikata, wadda ke da reshe a Kaduna, tana yawan duba ko akwai dalili kuma ko an saurari mutum kafin a raba shi da abincinsa. A nan takarda ke da amfani.

Ɗalibar Kongo: Na karɓi gyara, Baba. Na haɗa da abin da na gani a littafin wani kamfani ne.

Baban yara, Sabon Gari: Ni dai ina roƙon Hajiya kada ta kore ta. Halin da ake ciki, wanda ya rasa aiki yanzu sai Allah. Ƙanwata haka aka yi mata a wani wurin cin abinci, takarda ɗaya aka miƙo mata da safe, kafin azahar tana gida. A yi haƙuri da 'yar mutane.

Maman biyu, Hanwa: Yaya, ba kora ake magana ba, gargaɗi ne. Wadda aka ba ƙanwarka ta sallama ce. Da an fara ba ta irin wannan, da ta san inda ta kwana tun da wuri.

Ni na yi aikin, shekara uku ina raba abinci da wanke-wanke. Abin da ya fi ci mini rai ba takarda ba ne, faɗa ne a gaban masu cin abinci. Uwar ɗakina ta tsaya da ludayi a hannu, ɗalibai cike da benci, ta ce kullum sai na makara, kullum. Alhali sau uku ne a wata. Ba ni da bakin musu, domin ba wanda ya rubuta komai. Da takarda ce, da lamba za a sa, lamba kuwa ba ta ƙari. Amma Hajiya, akwai maganar da kika faɗa a wuce: takan tsaya har a rufe. Ƙarfe nawa kuke rufewa, kuma ina take zaune?

Hajiya mai gidan abinci, Samaru: Goma na dare. A cikin birni take, wajen Ƙofar Doka. Bari in duba littafin da suke sa hannu. Litinin 3 ga wata ta zo 7:50, Alhamis 6 ga wata 7:35, Talata 11 ga wata 8:10, Asabar 15 ga wata 7:40, Laraba 19 ga wata 8:00. Subhanallahi. Uku daga ciki, daren da ya gabata ita ta rufe mini shago, saboda ɗayar yarinyar ta yi tafiya.

Maman biyu, Hanwa: Kin gani ko. Mace ta bar Samaru goma ta wuce, ta tsaya jiran mota a bakin titi, kafin ta shiga gida sha ɗaya ta gota, ta yi wanka ta fitar da hayaƙi daga jikinta, sannan ta fito shida na safe. Waɗannan ukun ba nata ba ne ita kaɗai.

Tsohon akawu, Tudun Wada: Shi ya sa ba a fara da gargaɗi, ana fara da jin bahasi. A ofis takardar tuhuma ake bayarwa, a ce a amsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ke ba sai kin kai nan ba. Ki kira ta bayan cinikin rana ya lafa, ba a gaban kowa ba, ki buɗe littafin, ki ce ga ranaku, me ya faru? Ki rubuta amsarta. Idan bayan haka ranaku biyun nan ba su da uzuri, ga yadda zan rubuta in ni ne, da Hausa, tunda ita take karantawa:

"Lokacin fara aikinki ƙarfe 7:00 na safe ne. Ranar Alhamis 6 ga wata kin iso 7:35, ranar Asabar 15 ga wata kin iso 7:40, ba tare da sanarwa ba. Na yi miki magana da baki kafin wannan. A ranakun biyu ba a ɗora shinkafa a kan lokaci ba, masu karin kumallo sun juya. Mun zauna na ji bayaninki, kuma ban lissafa ranaku uku da kika rufe shago da dare ba. Daga yau ina so ki iso 7:00. Idan wani abu ya tare ki, ki kira ni kafin 6:30. Duk daren da kika rufe, washegari ki zo 9:00. Za mu sake zama bayan mako huɗu. Idan makara ta ci gaba ba dalili, zan ba ki gargaɗi na ƙarshe, wanda zai iya kaiwa ga sallama."

Ki sa kwanan wata da sunanki da nata. Kada ki sa kalma irin malalaciya ko marar kunya, hali ba ya aunuwa, minti ne ke aunuwa. Kada ki cusa tsohon laifin fasa faranti, magana ɗaya takarda ɗaya. Kada kuma ki rubuta barazanar da ba za ki iya cikawa ba. Ki yi kwafi biyu, ki karanta mata da bakinki, ta sa hannu a ƙarƙashin layin da ya ce "na karɓa", ba "na amince" ba, ki bar mata fili ta rubuta nata. In ta ƙi sa hannu kada ki tilasta, mutum ɗaya da ya halarta ya rubuta cewa an ba ta a gabansa.

Mai shayin Kwangila: Baba, lissafin dubu ɗayan ya shige ni, ban taɓa auna shi haka ba. Amma yarana kuɗin yini nake ba su. Wanda ya zo bayan an gama cinikin asuba, in biya shi cikakke? Kuma har yanzu ina nan kan bakana game da sa hannu. A garin nan in yarinya ta kai wa mahaifinta takarda, cewa zai yi an kai ƙararta. Gara Hajiya ta kira wanda ya kawo ta aikin, a zauna a yi magana.

Tsohon akawu, Tudun Wada: Rashin biyan awar da ba a yi ba daban, tara daban. Na farkon ya danganta da yadda kuka shirya tun ranar ɗauka, kuma ya zama daidai awar, ba ninkinta shida ba. Kiran wanda ya kawo ta kuwa ba laifi, shi ma zai iya zama shaida.

Maman biyu, Hanwa: A nan ban bi ku ba. Babbar mace ce, ita ke aikin, ba wanda ya kawo ta ba. In aka kira shi, kafin magariba unguwarsu ta ji. Takarda tsakanin mutum biyu ta fi rufin asiri.

Hajiya mai gidan abinci, Samaru: Na gode muku. Kuɗi dai ba zan taɓa ba. Gobe bayan azahar zan zauna da ita da littafin, kuma zan gyara maganar rufewar dare, wannan daga gare ni ne. Shaida kuwa ban yanke ba tukuna, ko mai dafa tuwonmu da ta girme mu duka, ko ƙanwar mahaifiyarta da ta kawo ta. Baba, in na rubuta zan karanta maka ta waya kafin in ba ta.