Yadda Ɗan Acaɓa Zai Gane Ainihin Ribarsa

Shawarar da ta fi ƙarfi a wata tattaunawa da masu sana'ar acaɓa suka yi kan lissafin riba ita ce mutum ya daina ɗaukar cinikin rana a matsayin riba, domin akwai kuɗin da babur ke ci ba tare da an ga fitarsu nan take ba.

An kawo misalin direban da ya ɗauki fasinja sau 20 a rana a kan naira 500 kowanne, ya tashi da 10,000. Idan ya sha man 3,500, ya kai wa mai babur balas na 2,000, ya biya tikitin ƙungiya 300, saura 4,200, kuma a nan mafi yawa suke tsayar da lissafi. Masu gogewa suka ce sai an tara abin da baƙin mai, taya, sarƙa da birki ke ci a wata a raba shi bisa ranakun aiki. Idan 18,200 ne cikin kwana 26, to 700 ke nan kullum, saura 3,500.

Inda aka fi jan kunne, kuma a ganina nan ne mafi muhimmanci, shi ne ranakun da babur ke kwana wurin bakanike. Idan an rasa kwana 2 cikin 26 kuma mai babur bai yafe balas ba, an yi asarar ribar 7,000 da balas 4,000, wato ribar wata ta sauko daga 91,000 zuwa kusan 80,000. Idan aka raba wannan bisa ɗauka 480 da aka yi cikin kwana 24 na aiki, ribar kowace ɗauka ba ta kai naira 170 ba.